Mai ciwon sukari da ke gani garau: me zai kai shi likitan ido duk shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maradi, shekaruna 49. Yau shekara 7 da aka ce ina da ciwon sukari. Ina shan magani, ko da yake wani lokaci nakan yi sakaci. Wanda ke duba ni ya matsa sai na je an duba min ido, wai kuma duk shekara. Ni kuwa har gobe ina zura zare a allura ba tabarau, ido ba ya min ciwo, ba ya ja. Wannan ba ɓarnar kuɗi da lokaci ba ce? Me zai hana in bari sai na ga wata alama?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa sana'a albarka.

Ka je a duba, kuma ka je cikin watan nan. Dalili shi ne zura zare a allura yana auna wani ɗan ƙaramin wuri ne kawai a cikin idonka, ita kuwa cutar da ake tsoro ba lallai daga wurin take farawa ba.

A can bangon baya na cikin ƙwayar ido akwai wani siririn tantani, shi ne yake karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Mu likitoci muna ce masa retina. A tsakiyarsa akwai wani ɗan fili da faɗinsa bai kai milimita 6 ba, sunansa makula, kuma a cibiyar wannan filin ne ganin ƙwaƙƙwafi yake: karatu, gane fuskar mutum daga nesa, ƙirga canji, ganin kafar allura. Duk sauran tantanin, wanda shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba, aikinsa ganin gefe da ganin dare. Kai da ka san ɗinki, ɗauki babbar riga. Idon kowa a kan aikin ƙirji yake, amma asu na iya cin ƙasan rigar da hannuwanta wata da watanni, mai ita yana duba ƙirji yana cewa rigarsa lafiya lau. Haka ciwon sukari yake yi wa retina a wajen mutane da yawa. Ƙari a kan haka, tantanin nan ba shi da jijiyar jin zafi. Ko jini yake zubarwa ba za ka ji ciwo ba, kuma farin ido ba zai yi ja ba. Sannan ido biyu gare ka. Idan ɗaya ya fara rauni, ɗayan yakan rufa masa asiri, har sai ranar da ƙura ta faɗa wa mai lafiyar, ka rufe shi, ka ga abin da ya rage.

Abin da sukari yake yi a wurin ba ɓoyayyen abu ba ne. Retina cike take da ƙananan hanyoyin jini, sirara ƙwarai, sun fi gashin kai siranta sau da yawa. Idan sukari ya daɗe yana sama a jini, shekara da shekaru, bangon waɗannan hanyoyin yakan yi rauni. Da farko sai su riƙa yin ƴan ƙulle-ƙulle, mu gan su kamar jajayen ɗigo. Daga nan wasu su fara yoyo, jini da ruwa da kitse su riƙa tsattsafowa cikin tantanin. Wasu kuma su toshe gaba ɗaya, ɓangaren da suke ciyarwa ya rasa jini. Idan yoyon ya faɗa kan makula, wurin ya kumbura, a nan ne mutum yakan lura gani ya dushe ko layi miƙaƙƙe ya karkace. Idan kuwa ɓarnar a gefe take, shiru kake ji.

Toshewar ita ce ta fi ba ni tsoro, don ita ce mai zuwa ba sallama. Ɓangaren retina da ya rasa jini yakan saki wani sinadari da ake kira VEGF, wanda yake sa jiki ya tsiro da sababbin hanyoyin jini. A ji kamar gyara ne, amma ba gyara ba ne. Sababbin hanyoyin ba su da ƙwari, suna tsirowa ne a saman tantanin suna kutsawa cikin ruwan nan mai kauri da ya cika ƙwayar ido. Mutum na iya yawo da su watanni yana gani tangaran. Rana ɗaya ɗayansu ta fashe, jini ya cika cikin ido, ya wayi gari yana ganin baƙin hayaƙi ko ma duhu. Idan aka ƙara jinkiri, tabo ya biyo baya, ya taƙure, ya ɓamɓaro tantanin daga mazauninsa. Wani lokaci kuma hanyoyin su tsiro a gaban ido, su toshe mafitar ruwa, ido ya yi tauri da ciwo mai hana barci. Mutanenmu sukan ce makantar ta zo dare ɗaya, har a fara zargin sammu ko iska. A gaskiya ta yi shekaru tana hanya, ba wanda ya leƙa ne kawai.

Kada ka ɗauka abu ne da ba kasafai ba. Idan aka haɗa binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, kusan mutum 1 cikin 3 na masu ciwon sukari yana da wani mataki na wannan cuta a idonsa, kuma kusan 1 cikin 10 nasa ya kai matakin da ke barazana ga gani. Abin da ya fi ƙara haɗarin shi ne daɗewar ciwon, sai rashin daidaita sukari, sai tansiyo. A nan akwai abin da ya shafe ka kai tsaye. Shekara 7 ɗin nan daga ranar da aka gano ne, ba daga ranar da ciwon ya kama ka ba. Irin ciwon sukarin manya yakan yi shekaru a jiki kafin a ankara, musamman a wajenmu da mutum ba ya zuwa awo sai fitsarin dare da rama sun ishe shi. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a duba idon babban mutum tun ranar da aka gano ciwon, don akwai waɗanda a ranar ma za a tarar da alamun a idonsu. Yara da matasa masu irin wanda sai da insulin, su ana fara duba su cikin shekara 5 da kamuwa.

To me ya sa shekara-shekara? Ba a zaɓi adadin da ka ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a shekarun 1980 ya bi masu wannan cuta ya ga yadda take tafiya. A cikin waɗanda nasu yake matakin farko, kusan 5 cikin 100 ne kawai suka kai ga tsirowar sababbin hanyoyin jini cikin shekara guda. A cikin waɗanda nasu ya yi tsanani amma hanyoyin ba su riga sun tsiro ba, kusan rabi ne suka kai can cikin shekarar. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan na duba ka yau na ga idon tas, ko na ga ƴan ɗigo kaɗan, da wuya cutar ta tsallake duk matakan ta makantar da kai kafin wata 12. Amma idan ka yi shekara 3 ko 4 ba a leƙa ba, tana da isasshen lokacin da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya sani. Kuma shekara ɗin ta mai lafiyayyen ido ce. Wanda aka ga nasa ya kai matsakaici, bayan wata 6 zai dawo. Mai tsanani, wata 3 ko ƙasa da haka. Mace mai ciwon sukari da ta samu juna biyu ana so a duba ta tun watanni ukun farko, a ci gaba da bibiya, don ciki yana iya sa cutar ta yi gudu.

Bari in ba ka misalin wani da na duba, direban babbar mota mai jigila tsakanin Maradi da Yamai, ɗan shekara 55, shekara 11 da ciwon. Ba don ido ya zo ba. Wani miki ne a ƙafa ya ƙi warkewa, likitan da ke kula da shi ya ce tunda ƙafa ta nuna alama, a duba ido da ƙoda. Da aka sa shi karanta allon haruffa, ya karanta har layin ƙasa da kowane ido, 10/10, yana dariya yana cewa ai ya faɗa mana. Tansiyonsa 17/10. Awon HbA1c ɗinsa, wato na matsakaicin sukarin jini, kashi 10 cikin 100. Da aka ɗiga magani ɗan ido ya buɗe, sai ga wani labari daban. Idon dama, ko'ina a gefe jini ne ɗigo-ɗigo, manyan hanyoyin jinin sun yi kumburi wuri-wuri. Idon hagu kuwa, a kan jijiyar gani, ga wani gungu na sababbin hanyoyi sirara sun yi saƙa. Makula a duka biyun ba abin da ya taɓa ta, shi ya sa yake ganin hanya har da dare.

Na ɗauki hoton na nuna masa a allo, don na lura mutum ba ya yarda da ciwon da bai ji ba sai ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Likita, wannan duk a cikin idona?" Aka ba shi takarda ya je aka yi wa idon hagu leza, wato aiki da wani haske mai ƙarfi, zama uku cikin ƴan makonni. Aka ƙara masa maganin tansiyo, aka sa shi a insulin, aka ce idon dama a riƙa duba shi duk wata 3. Bayan watanni, hanyoyin hagun suka motse. Daga baya na dama ma ya fara tsirowa, amma tunda ana sa ido, aka tare shi tun yana ƙarami. Ganinsa na karatu yana nan. Abin da ya rasa shi ne wani ɓangare na ganin gefe da na dare, har ya daina tuƙin dare. Ya yi ƙorafi a kan wannan, kuma yana da gaskiyarsa, don abincinsa ne ya ragu. Amma da ya jira alama, alamar farko da zai gani ita ce jini a cikin idon hagu, wataƙila yana kan hanya da lodi.

Wannan ya kawo mu kan abin da magani zai iya da wanda ba zai iya ba, don a nan ne amsar "in bari sai na ga alama" take. Leza ba ta dawo da gani. Abin da ake yi shi ne a ɗiɗɗiga wa gefen retina ƴan ƙananan ƙuna, sama da 1,000, don ɓangaren da ke kukan rashin jini ya daina sakin sinadarin nan, hanyoyin banza su bushe. Ana sadaukar da gefe a tsirar da tsakiya. Tun 1976 bincike ya tabbatar cewa wannan aikin yana rage haɗarin mummunar makanta da fiye da rabi. Amma sai likita yana hango tantanin zai iya yi. Idan jini ya riga ya cika ido, hasken ba zai ratsa ba, sai dai jira ko babban aikin tiyata na cikin ido, wanda masu yin sa kaɗan ne, kuɗinsa kuma ba na wasa ba. Kumburin makula kuwa, maganinsa yanzu allura ce da ake yi a cikin ƙwayar ido, irin su bebasizumab, mai kashe ƙarfin VEGF. Ana kashe wurin da maganin ɗigawa, ba ta da zafin da mutane ke zato, kuma sau da yawa tana ƙara gani. Sai dai ba sau ɗaya ba ce. Da farko kusan duk wata ake yi, a ci gaba gwargwadon yadda idon ya karɓa. Ga mutumin Maradi wannan na iya nufin tafiya Yamai, kilomita sama da 600, ko tsallakawa Kano, a rufe shago, a biya mota da masauki, ba sau ɗaya ba. Idan ka ajiye wannan kusa da kuɗin dubawa sau ɗaya a shekara, lissafin ya fita da kansa.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke yaudarar kansu ba da gangan ba. Ba kowane "an duba min ido" ne dubawa ba. Idan ka je wurin masu tabarau, aka sa ka karanta haruffa, aka gwada maka gilashi, aka ce idonka lafiya, ba a duba abin da muke magana a kai ba. Haka idan aka haska maka tocila a waje. Direban nan ai ya ci wannan jarrabawar. Abin da za ka nema shi ne duban cikin ido bayan an buɗe ɗan ido da magani, a sashen ido na asibiti. A takardar likita sau da yawa za ka ga an rubuta FO. Ka faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa kana da ciwon sukari kuma wannan ka zo yi.

Yadda ake yi ba wuya. Za a auna ganinka ido ɗaya-ɗaya, a auna ƙarfin ruwan ido, sannan a ɗiga maka magani, yawanci tiropikamid. Yana ɗan yaji na ƴan daƙiƙu. Ka zauna minti 20 zuwa 30 har baƙin tsakiyar ya buɗe, mai ciwon sukari ma wani lokaci nasa yakan yi nawa sai an ƙara ɗigo. Daga nan likita ya sa haske mai ƙarfi da gilashi ya leƙa, ya ce ka kalli sama, ƙasa, dama, hagu. Inda akwai na'urar hoto a ɗauka. Idan ana zargin kumburin makula akan nemi wani hoton da ake kira OCT, mai nuna kaurin wurin. Bayan an gama, ganin kusa zai dushe, haske kuma zai dame ka na awa 4 zuwa 6, ka san kuma ranar Maradi. Saboda haka kada ka tuƙa babur, ka zo da yaro ko ka hau adaidaita, ka riƙo baƙin tabarau, kuma kada ka karɓi ɗinkin gaggawa na ranar. Wasu suna tsorata da dushewar su ce maganin likita ya lalata musu ido. Wucewa take yi. Abin da ba a saba gani ba, amma ya kamata ka sani, shi ne idan bayan ɗigon ido ya kama ciwo mai tsanani, ya yi ja, da ciwon kai ko amai, to ka koma a ranar, kada ka kwana.

Kafin ka fito, ka tambayi abu uku: akwai alamar sukari a idon ko babu, wane mataki, kuma yaushe za ka dawo. A rubuta maka a kati, ka kai wa mai duba sukarinka. Don kada a manta, ina ba mutane shawara su ɗaura shi da wani lokaci da ba ya ɓacewa. Kai tela, kafin salla ba ka da lokacin kanka, don haka ka sa shi mako biyu bayan ƙaramar salla, duk shekara.

Sakacin maganin nan kuwa, shi ne rabin maganar. Dubawa tana gano cuta ne, ba ta hana ta. Abin da ke hana ta ko rage mata gudu shi ne sukari da tansiyo. Awon safe da na'urar gida yana nuna na wannan lokacin ne kawai, kuma na san masu kame baki kwana biyu kafin ranar likita don lambar ta yi kyau. Ka nemi a yi maka HbA1c, shi yana nuna matsakaicin sukarin kusan wata 3, ba a yi masa wayo. Ga yawancin manya ana so ya tsaya wajen kashi 7. Binciken da aka yi wa dubban masu irin ciwonka a Birtaniya ya nuna cewa duk saukar maki 1 a wannan awon tana rage haɗarin lalacewar ƙananan hanyoyin jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wato ko daga 10 ka sauko 9, ido ya amfana. Tansiyo kuma ya zauna ƙasa da 14/9. A shagon ɗinki na san abin da ke tayar da sukari ba tuwon gida ba ne kawai, shayi ne zagaye uku da sukari kamar zuma, da lemon kwalba lokacin zafi, da zama kan keke tun safe har dare.

Abu biyu ka kiyaye a nan. Na farko, idan sukarinka ya daɗe yana sama ƙwarai kuma za a sauke shi da sauri, misali a fara insulin, a duba idon tukuna, don wanda cutar ta riga ta yi nisa a idonsa tana iya ɗan tsananta na wani lokaci kafin ta lafa. Wannan ba dalilin ƙin insulin ba ne, dalilin bibiya ne. Na biyu, idan sukari yana hawa da sauka, gani yakan yi hazo yau ya washe gobe, saboda gilashin cikin ido yana shan ruwa yana sakewa. Kada ka yanki tabarau a irin wannan lokacin, ka bari sukari ya daidaita na ƴan makonni. Kuma kada washewar ta sa ka ce komai ya wuce.

Kada ka sa wa ido komai da sunan wanke shi daga sukari, ko zuma, ko ruwan ganye, ko tozali na musamman, ko maganin ɗigawa na tebur a kasuwa. Ɓarnar tana can bayan ƙwayar ido, abin da aka ɗiga a waje ba ya gyara ta, wasu magungunan teburin ma suna ɗauke da sinadarin da ke tayar da ƙarfin ruwan ido. Masu ciwon sukari suna saurin samun yanar ido, kuma idan ta zo, asibiti za a cire ta, ba wajen masu sakiya ba.

Akwai alamun da ba a jiran ranar shekara da su. Idan ka ga baƙaƙen ɗigo ko zare-zare sun ƙaru farat ɗaya suna yawo a gabanka, ko walƙiya a gefen ido, ko wani duhu ya sauko ta gefe ɗaya ya rufe rabin gani, ko layin ɗinki ya riƙa karkacewa, ko gani ya faɗi cikin kwana ɗaya ko biyu, ka ajiye aiki ka nemi likitan ido cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da ba ciwo. Kuma ka riƙa gwada kanka sau ɗaya a mako: rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka kalli gefen ƙofa ko layin tef ɗin awonka, sannan ka sauya. Wannan zai nuna maka idan makula ta fara kumbura a ido ɗaya, amma ba ya ganin gefe, don haka ba ya maye gurbin dubawar likita. Ranar da za ka je, ka riƙo magungunanka duka a leda da takardun awon da kake da su, kuma ka roƙi a haɗa maka da awon fitsari na ƙoda da duban tafin ƙafa, don hanyoyin jinin wuraren nan uku tare suke lalacewa.